Rubutun fushi kan wurin aiki: abin da za ka cire, abin da za ka bari

Assalamu alaikum Malam. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Garwa, na ajiye aiki a ƙarshen watan Agusta bayan an ci mutuncina a gaban leburori kan kayan da ban san yadda suka ɓace ba. A daren da na bar wurin na zauna na rubuta duk abin da ke cikina, ga shi na haɗo maka. Ina so in sa shi a Facebook da LinkedIn don kada wani ya faɗa abin da na faɗa, amma mai ɗakina ta ce zafinsa ya yi yawa. Yaya zan gyara shi ya zama maganar hankali mai darasi ba tare da na ɓoye gaskiya ba?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya musanya maka da mafi alheri, ya kuma saka wa iyalinka da alheri bisa shawarar da ta ba ka, domin na karanta rubutun daga farko har ƙarshe kuma ina tare da ita. Sai dai ina so ka san cewa zafin kalmomi shi ne ƙaramar matsalar wannan rubutu. Da a ce zafin ne kaɗai, da sai mu bi shi layi layi mu sauya “azzalumi” da wata kalma mai laushi mu tashi. Ainihin matsalar ita ce ka ɗora wa rubutu guda ayyuka uku da ba sa tafiya tare: kana neman haƙƙinka, kana sauke baƙin cikinka, kana kuma so ka koya wa wasu wani abu. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da halacci, kuma kowane yana da wurin da ya dace da shi, amma na ukun ne kaɗai ya dace da bainar jama’a. Dukan gyaran da za mu yi bai wuce raba waɗannan abubuwa uku ba.

Mu fara da haƙƙinka, domin shi ne wanda gaggawa za ta iya lalatawa. A cikin rubutun ka ce an zaftare sefa dubu 40 daga albashinka na ƙarshe, an yi maka alkawarin ƙarin dubu 30 a wata tun daga Afrilu ba a cika ba, sannan har yanzu ba a ba ka takardar shaidar aiki ba. Waɗannan da’awowi ne, kuma masu karatu a Facebook ba su da ikon biyan ko sisi daga cikinsu. Dokar ƙwadago ta Kamaru, wato doka mai lamba 92/007 ta 14 ga Agusta 1992, ta wajabta wa mai ɗaukar ma’aikaci ya ba shi takardar shaidar aiki idan aiki ya ƙare, ko da mene ne dalilin rabuwar, ta hana shi cin tarar ma’aikaci, ta kuma taƙaita irin kuɗin da ake iya yankewa daga albashi. Hanyar neman haƙƙi tana farawa ne daga ofishin sufeton ƙwadago, wanda zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sasanta su. Idan an daidaita a rubuta takardar sulhu, idan ba a daidaita ba ya ba da takardar rashin sulhu, wadda da ita ce ake iya zuwa kotu. Neman bashin albashi yana da wa’adin shekara 3, saboda haka lokaci bai ƙure maka ba, amma kada ka yi sanya. Ka tattara takardun albashinka, da saƙonnin da suka shiga tsakaninka da daraktan kamfanin, ka kuma bincika a CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma’aikata na ƙasa, ko an riƙa zuba maka kuɗinka.

Dalilin da ya sa na fara da wannan shi ne, yana da nasaba kai tsaye da ranar da za ka wallafa. Mutumin da za ku zauna gaban sufeto da shi gobe, idan ka kira shi ɓarawo a gaban dubban mutane yau, ka ba shi abu biyu kyauta: dalilin ƙin sulhu, da kuma ƙarar da zai iya shigarwa a kanka. Shawarata ita ce kada ka wallafa komai, ko da mai sanyi ne, sai takardar shaidar aikinka ta shiga hannunka kuma maganar kuɗin ta kai wani matsayi. Darasin da kake so ka bayar ba zai lalace ba don ya jira wata biyu.

Baƙin cikin kuwa na fahimce shi, kuma ba zan ce maka ka haɗiye shi ba. A tsayar da magidanci a gaban waɗanda yake ba umarni a tuhume shi da sata, wannan ciwo ne da ba ya warkewa a dare ɗaya. A aya ta 148 ta Suratun Nisa’i ma, an keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. To amma samun izinin faɗa abu ne daban da sanin wanda ya kamata a faɗa wa. Wannan rubutun na farko ya riga ya yi aikinsa a daren da ka yi shi, ka ajiye shi inda ba kowa zai gani, kada kuma ka tura shi a WhatsApp ko da ga aboki ɗaya ne, domin magana zarar bunu ce, kuma a yau daƙiƙa ɗaya ta isa a ɗauki hoton saƙo a tura wa wanda aka yi maganarsa. Sabon rubutun a sabon shafi za ka fara shi. Wanda ya ce zai gyara rubutun fushi a kan asalinsa yakan sauya kalmomi ya bar ƙashin bayan, wato jerin laifuffukan wani mutum, kuma mai karatu yana jin wannan ƙashin ko da an lulluɓe shi da ladabi.

Yanzu ga aikin kansa. Ka ɗauki tsohon rubutun da biro, ka bi shi jimla jimla, kana yi wa kowace tambaya ɗaya: da wani baƙo yana tsaye a wurin a ranar, zai iya ganin wannan da idonsa ko ya ji da kunnensa? Idan zai iya, ka ja layi a ƙarƙashinta. Idan ba zai iya ba, ka tsallake. Na yi maka wannan gwaji, kuma daga rubutun da ya kusa shafi uku, abin da ya tsira kaɗan ne: a watan Janairu wanda ke riƙe da siton ya tafi aka ba ka makullai, ba a ƙidaya kaya a ranar ba, an gaya maka da baki cewa za a ƙara maka albashi bayan wata uku, a watan Agusta aka yi ƙidaya aka ga katan 46 na man girki babu, aka tambaye ka a gaban ma’aikata, ba ka da wata takarda da ke nuna abin da ka tarar. Kada ƙanƙantar wannan ta dame ka. Ita ce gaskiyar da ka ce ba ka so a ɓoye, kuma babu ko ɗaya a cikinta da wani zai iya ƙaryatawa.

Ka dubi kuma abin da ya faɗi, domin sanin dalilin faɗuwarsa zai amfane ka fiye da wannan rubutu ɗaya. Ka rubuta cewa, “Da gangan ya ɗora mini don ya kawo ɗan’uwansa.” Mai yiwuwa haka ne, amma wannan karanta zuciyar mutum ne, kuma ita ce irin jimlar da ta fi kowace haɗari, saboda tana jin daɗin faɗa ga mai faɗinta alhali ba shi da hanyar tabbatar da ita. Ka rubuta cewa, “Ba su taɓa cika alkawari ba.” Kalmomi irin su ba su taɓa ba, kullum, kowa ya sani, duk suna buɗe ƙofa ga mutum ɗaya ya zo ya ce shi an cika masa alkawari, kuma da zarar an karya maka jimla ɗaya sai mai karatu ya fara shakkar sauran, har da katan 46 ɗin da ba ka yi ƙari a kansu ba. Ka rubuta cewa, “Wannan mutumin ɓarawo ne.” A nan doka ta shigo. Sashe na 305 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru, na shekarar 2016, ya tanadi ɗaurin kwana 6 zuwa wata 6 da tarar sefa dubu 5 zuwa miliyan 2, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya jingina wa wani abin da ke zubar masa da mutunci bai kuma iya kawo hujja ba. Dokar laifuffukan intanet ta 21 ga Disamba 2010 ta fi haka tsanani game da yaɗa labarin da mutum ba zai iya tabbatarwa ba, domin sashenta na 78 yana maganar ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar miliyan 5 zuwa 10, ko ɗaya daga cikinsu. Akwai kuma layin da ka ce “mutanen nan haka suke” ka ambaci ƙabilarsa. Wannan ka share shi har daga tsohon rubutun. Tun 2019 cin zarafin ƙabila laifi ne mai zaman kansa a dokar ƙasar nan, kuma ko babu doka, a gari irin Garwa da Bahaushe da Bafulatani da Bafali da mutanen kudu ke cin abinci a kasuwa ɗaya, wannan layi zai sa rabin masu karatunka su bar zancen sito su koma kare danginsu.

Sai “Allah ya isa” da ka rufe da shi. Ban raina wannan kalma ba, kuma tsakaninka da Ubangijinka kana da damar kai kukanka yadda ka so. Amma a ƙarshen rubutun da aka ce na darasi ne, tana sanar da mai karatu cewa da mutum ɗaya ake magana, sauran jama’a ’yan kallo ne kawai aka gayyato.

Akwai wani abu da mutane da yawa ke ruɗin kansu da shi, wato zaton cewa cire sunan kamfani ya wadatar. A shafinka na LinkedIn an rubuta inda ka yi aiki da watan da ka shiga da watan da ka fita, a Facebook kuma abokan aikinka na dā suna cikin masu bibiyarka. Ko babu wannan, masu rarraba kaya a Garwa sun san juna, direbobin da ke ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere su wuce Marwa da Kusuri suna shiga kowane sito, kuma labari yana riga mota isa. Ka cire sunan, wannan wajibi ne, ka cire unguwa da kamannin mutumin da duk abin da ya shafi sirrin kamfani kamar farashin saye da sunayen abokan ciniki. Amma ka rubuta kowace jimla da sanin cewa za a gane wurin, kuma darakta da kansa zai karanta. Ma’aunin shi ne ya karanta ya ji ba daɗi idan ya ga dama, amma ya rasa jimla ɗaya da zai nuna ya ce ƙarya ce.

Mu zo ga darasin, wanda shi ne wurin da ya fi wuya kuma wurin da yawancin irin waɗannan rubuce-rubuce ke mutuwa. Idan na tambaye ka yanzu me ka koya, ina jin za ka ce, “Na koyi kada in yarda da mutane,” ko kuwa, “Na koyi cewa haƙuri yana da iyaka.” Waɗannan fushi ne da ya sauya riga, kuma babu wanda zai tashi da safe ya yi aiki da su. Darasi na gaske yana da alamomi da ake gane shi da su: aiki ne da hannu ke iya yi, yana da lokacin da ake yin sa, kuma yana hannun wanda kake yi wa magana. Hanyar gano shi ita ce ka bi labarin da baya, daga ranar da abu ya fashe, kana neman wuri na ƙarshe da wani mataki da ke hannun ma’aikaci zai iya sauya sakamakon. A ranar ƙidayar Agusta babu abin da za ka iya yi, domin an riga an makara. A watannin tsakiya kana iya neman a yi ƙidaya, amma ko an yi ba za ta nuna abin da ka gada ba. Idan ka ci gaba da komawa baya sai ka isa safiyar Janairu da aka miƙo maka makullai. A wannan safiya, sa’a biyu ko uku na ƙidaya tare da mai barin aiki da wani shaida, da takarda guda mai sa hannun mutum uku, da sun raba tsakanin abin da ya ɓace kafin zuwanka da abin da ya ɓace a hannunka. Wannan shi ne darasinka, kuma darasi ne mai daraja, domin akwai matasa masu yawa a shagunan magani da gidajen mai da sito-sito da ake miƙa wa makulli haka nan suna murna.

Na san akwai darasi na biyu, wato alkawarin ƙarin albashi da aka yi da baki, kuma za ka so ka haɗa su. Ka ba shi jimla ɗaya ko ka bar shi gaba ɗaya zuwa wani lokaci. Rubutun da ke ɗauke da darussa huɗu ko biyar yakan koma jerin koke ta bayan gida, kuma ga shi maganar kuɗin tana kan hanyar zuwa wurin sufeto.

A nan sai ka yi hattara da wani rami da ke ɗaya gefen. Da yake darasin yana kan abin da ke hannunka, wasu sukan zarce su ɗauki laifin da ba nasu ba don a ga suna da tawali’u. Idan ka rubuta cewa, “Sakacina ne ya sa kaya suka ɓace,” ka yi iƙirari a rubuce da za a iya bugawa a kai gaban sufeto, alhali ba haka abin yake ba. Abin da ya faru shi ne ba ka nemi a yi ƙidaya ba, kuma iyakar abin da za ka ce ke nan. “Ban nemi a ƙidaya kaya ba kafin in karɓi makullai” magana ce ta gaskiya da ba ta wanke kowa ba ta kuma tuhumi kowa.

Ga yadda rubutun zai iya kasancewa idan aka haɗa waɗannan duka:

“A farkon shekarar nan aka ba ni riƙon sito bayan wanda ke kula da shi ya bar aiki. Na karɓi makullai a ranar, cikin farin ciki da amanar da aka ba ni, ban kuma nemi a ƙidaya kaya ba kafin in karɓa. Bayan wata bakwai aka yi ƙidaya, aka samu bambanci tsakanin abin da ke littafi da abin da ke ƙasa. Da aka tambaye ni, ba ni da wata takarda da ke nuna abin da na tarar a ranar farko, saboda haka babu mai iya cewa ga lokacin da giɓin ya faru. Lamarin ya yi mini nauyi ƙwarai, kuma a ƙarshe na bar aikin.

Ga duk wanda za a miƙa wa sito ko shago ko akwatin kuɗi, ga abin da zan yi da yau ne. Zan nemi a yi ƙidaya a gabana tare da mai miƙawa da shaida ɗaya. Zan rubuta kowane kaya da adadinsa, har da wanda ya lalace ko ya kusa lalacewa. Mu uku mu sa hannu da kwanan wata, in riƙe kwafi ɗaya, in ɗauki hotonsa a waya. Idan mai miƙawa ya riga ya tafi, zan yi ƙidayar da wakilin ofis kafin kaya su fara fita. Neman haka ba rashin yarda da kowa ba ne, kariya ce ga mai miƙawa da mai karɓa da kamfanin kansa.”

Ka lura da rabon wuri a cikinsa. Labarin bai kai rabi ba, sauran duk na mai karatu ne, alhali a tsohon rubutun layi biyu kacal ka ba gargaɗi a can ƙarshe. Ka lura kuma cewa darakta bai fito ba ko sau ɗaya. Na yi amfani da “aka ba ni” da “aka tambaye ni” da gangan, domin darasin yana tsaye ko daraktan mutumin kirki ne ko akasin haka, kuma duk abin da darasi zai iya tsayawa ba tare da shi ba, barinsa ya fi. Katan 46 sun koma “bambanci” saboda adadin bayanin cikin gida ne na kamfani kuma yana cikin abin da ake jayayya a kai. Ranar da aka ci mutuncinka kuwa, wadda ta ɗauki shafi guda a wurinka, ta koma jimla ɗaya: “Lamarin ya yi mini nauyi ƙwarai.” Ina sane da cewa wannan zai yi maka ciwo, kamar an rage girman abin da aka yi maka. Amma ban yarda a cire jimlar gaba ɗaya ba, domin rubutun da babu alamar mutum a cikinsa yakan zama kamar sanarwar ofis, kuma ba na so ka yi kamar ba a ɓata maka ba. Ka faɗi ciwon sau ɗaya, da bakinka, a kan kanka. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani zai cike sauran da kansa.

Idan kana ganin cewa tuhumar mutum a gaban na ƙasa da shi darasi ne da shugabanni ke bukata, gaskiyarka, amma ba yanzu ba kuma ba a wannan rubutu ba. Daga bakinka a wannan wata, kowa zai karanta shi a matsayin saƙo ga mutum ɗaya.

To yaya za ka gane cewa fushin ya sake saɗaɗowa bayan ka gama? A Hausa ya fi shigowa ta hanyar habaici da gugar zana. Jimla irin “Na gode wa waɗanda suka nuna mini ainihin halinsu,” ko “Wasu shugabanni sun manta cewa duniya juyi-juyi ce,” babu zagi a cikinta amma kowa ya san inda aka nufa, kuma a idon mai ɗaukar ma’aikata ta fi zagin fili muni, saboda tana nuna mutumin da zai riƙe abu ya rama a kaikaice. Na daɗe ina tantance masu neman aiki, kuma abin da nake dubawa a irin wannan rubutu shi ne yadda mutum ke magana kan wanda ba ya nan, domin na san wata rana ni ne ba zan kasance a wurin ba. Haka nan ka guji godiyar da ba ta kai zuciya ba. Idan ba ka jin za ka iya cewa ka ji daɗin zama da su, kada ka ce. Shiru a kan wannan ya wadatar, kuma ya fi ƙarya mutunci.

Gwaji biyu nake ba mutane. Na farko, ka tambayi kanka da gaske: da an tabbatar mini darakta ba zai taɓa ganin wannan ba, zan wallafa shi? Idan ka ji sha’awar ta ragu, to har yanzu shi kake rubuta wa, sai ka ƙara jira. Na biyu, ka ba wani da bai san labarin ba ya karanta, sannan ka tambaye shi abin da ya ɗauka. Idan ya ce, “Ashe bai kamata in karɓi makulli ba a ƙidaya ba,” rubutun ya nuna. Idan ya ce, “Kai, wane kamfani ne wannan?” to akwai sauran aiki. Mai ɗakinka ba za ta iya yi maka wannan gwajin na biyu ba, saboda ta san komai, amma ita ce ta fi dacewa ta karanta maka shi da murya, domin kunne yana kama habaicin da ido ya tsallake. Idan kuma da Faransanci za ka sa shi a LinkedIn, kamar yadda yawancin masu ɗaukar aiki a nan za su fi karantawa, ka sake yin gwajin a kan fassarar, saboda mutum yakan yi kaifin da bai yi niyya ba a harshen da ya koya a makaranta.

Aikin ba ya ƙarewa da wallafawa. Da yawa sun yi rubutu mai kyau, sannan suka rushe shi a ƙasa wajen amsa wa masu sharhi. Za a samu wanda zai ce ka faɗi sunan kamfanin, da tsohon abokin aiki da zai zo ya ce shi ma haka aka yi masa ya ambaci suna, da kuma mai yiwuwa wani daga cikin kamfanin da zai zo ya ce kai ne ka kwashe kayan. Ka shirya amsoshinka tun kafin ka wallafa. Ga na farko ka ce, “Ba don in nuna wani wuri na rubuta ba, abin yana iya faruwa a ko’ina.” Sharhin da ya ambaci suna ko ya yi zagi ka ɓoye shi ko ka goge, kada ka danna masa alamar so, domin wannan ma amincewa ce da ake iya ɗaukar hotonta, sannan ka kira mai shi ka gaya masa dalili don kada ya ji ka wulaƙanta shi. Wanda ya tuhume ka kuwa, ka ɗauki hoton maganarsa ka ajiye tare da takardunka, ka amsa sau ɗaya cewa wannan magana tana da wurin da ake yin ta kuma ba nan ba ne, daga nan kada ka ƙara ko da ya dawo sau goma. Idan ka san a halin da kake ciki ba za ka iya ganin irin wannan sharhi ka yi shiru ba, ka taƙaita masu iya yin sharhi kafin ka wallafa, ko ka bar rubutun a ajiye har zuwa bayan zamanku da sufeto.